Me Ya Sa Imel ɗin Kamfani Ke Faɗawa Akwatin Spam? Fashin Baƙi Kan SPF da DKIM

Mutum ya sayi domen, wato sunan da ke zuwa bayan alamar @ a adireshin imel, da sunan kasuwancinsa, ya buɗe adireshin imel a kansa, ya tura wa abokin ciniki takardar biyan kuɗi, sai bayan kwana uku ya ji cewa saƙon yana kwance a akwatin Spam. Abin ɗaure kai shi ne tsohon adireshinsa na kyauta bai taɓa ba shi wannan matsalar ba. To me ya sa adireshin da aka biya kuɗi aka kafa ya fi na kyauta shan wahala wajen isa hannun mai shi?

Galibi ana ɗora laifin a kan kalmomin da ke cikin saƙon, ko a ce kamfanin imel ɗin ne ba shi da inganci. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. Adireshin kyauta yana tafiya ne a ƙarƙashin domen ɗin babban kamfani wanda ya riga ya kammala duk shaidun da ake buƙata. Da ka koma naka domen, kawo waɗannan shaidu ya dawo wuyanka, kuma ba wanda zai yi maka sai ka shiga ka yi da hannunka.

## Abin da ya canja a shekarar 2024

Tsarin da ake aika imel da shi, wato SMTP, an rubuta shi ne tun farkon shekarun 1980, lokacin da masu amfani da shi kaɗan ne kuma sun yarda da juna. Ba a gina masa hanyar tantance mai aikawa ba. Har yau kowace saba a duniya, wato kwamfutar da ke aikawa da karɓar saƙonni, tana iya rubuta adireshin da ta ga dama a layin mai aikawa, ko da na bankinka ne. SPF da DKIM, hanyoyi biyu na tantance mai aikawa, faci ne da aka yi wa wannan ɓarakar daga baya.

An daɗe ana ɗaukarsu a matsayin ƙarin kyau kawai. A watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka mayar da su sharaɗi. A ƙa'idar Google, duk mai aika saƙo zuwa adireshin Gmail dole ya kasance yana da aƙalla ɗaya daga cikin biyun. Wanda ke aika saƙonni kusan 5,000 ko fiye a rana sai ya haɗa duka biyun, ya ƙara da DMARC, ƙa'idar da ke duba sakamakon biyun. Microsoft ma ya bi sahu a watan Mayun 2025 kan masu aika saƙonni da yawa zuwa Outlook.com. Mai ƙaramin kasuwanci na iya cewa shi ko saƙo hamsin ba ya aikawa a rana. Gaskiya ne, amma sharaɗin farko ya hau kansa, kuma idan bai cika shi ba saƙon na iya dawo masa da lambar kuskure `5.7.26`, ko ya zarce Spam ba tare da wani ya sanar da shi ba. Na biyun ya fi ciwo, domin mai aikawa yana zaune yana jiran amsa, mai karɓa kuma bai san an rubuto masa ba.

## Saƙo ɗaya, adireshin mai aikawa biyu

Wanda bai gane wannan gaɓar ba zai yi ta gyara abin da bai lalace ba. Kowane imel yana ɗauke da adireshin mai aikawa guda biyu, kamar wasiƙar da ke cikin ambulan. Akwai adireshin da ke bayan ambulan, wanda masu kai saƙo ke dubawa, kuma can ake mayar da saƙon idan bai samu shiga ba. Akwai kuma sunan da ke saman takardar da ke ciki, wanda mai karatu ke gani. A imel, na bayan ambulan shi ne ke fitowa a layin `Return-Path`, na cikin takarda kuma shi ne `From`. Ba dole ba ne su zama ɗaya, kuma sau da yawa ba ɗaya ba ne.

SPF adireshin bayan ambulan kaɗai yake dubawa, bai san da `From` ba. DKIM kuwa sa hannu ne da ake yi wa saƙon kansa, da sunan wani domen. DMARC shi ke zuwa daga ƙarshe ya tambaya ko wanda ya ci jarrabawar SPF ko DKIM ɗin shi ne wanda mai karatu ke gani a `From`.

Duk ukun ana rubuta su ne a DNS, wato rajistar da ke gaya wa duniya bayanan domen ɗinka. Don a ga yadda abin yake a aikace, mu ɗauki wani ƙaramin kamfani mai domen `example.com`, ma'aikata huɗu, shafin intanet mai fom ɗin tuntuɓa, da wata manhaja ta wani kamfani daban da ke aika wa abokan ciniki takardun biyan kuɗi.

## Kafa adireshin: a buɗe akwati kafin a juya hanya

Tambayar farko ita ce ina akwatunan za su zauna. Mafi yawan kamfanonin da ke ba da masaukin shafin intanet suna haɗawa da imel a cikin kuɗin. Yana aiki, sai dai ka san cewa saƙonka zai riƙa fita ta adireshin IP, wato lambar da ake gane saba da ita a intanet, ɗaya da na wasu mutane masu yawa da ba ka sani ba. Idan aka yi wa shafin ɗaya daga cikinsu kutse ya fara watsa saƙonnin damfara, baƙin jinin da adireshin zai yi ya shafe ka. Kamfanonin da imel ne sana'arsu, irin su Google Workspace, Microsoft 365 da Zoho Mail, sun fi sa ido a kan wannan. A ganina, kasuwancin da kuɗinsa ke shigowa ta imel ya fi dacewa ya raba akwatunansa da masaukin shafinsa. Kamfanin misalinmu ya zaɓi Google Workspace.

Ba kowane adireshi ke buƙatar akwatin kansa ba. Ma'aikata huɗu, akwati huɗu. Adireshi irin su `info@` da `sales@` ana iya yin su a matsayin laƙabi ko rukuni, saƙonsu ya riƙa faɗawa akwatin wanda aka wakilta. Haka ya fi a ce mutum uku suna shiga akwati ɗaya da kalmar sirri ɗaya, domin ranar da ɗayansu ya bar aiki sai an canja wa kowa.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar da inda DNS ɗinka yake a zahiri. Mutane da yawa suna ɓata kwanaki suna gyara a shafin kamfanin da ya sayar musu da domen, alhali tuni wanda ya gina musu shafi ya mayar da ragamar wani wuri. Ga umarni biyu na `dig`, manhajar binciken DNS, da za ka rubuta a terminal ɗin kwamfuta:

```
dig NS example.com +short
dig MX example.com +short
```

Umarnin farko zai nuna maka kamfanin da ke riƙe da rajistar, can za ka yi gyara. Na biyu zai nuna inda saƙonni ke shiga a yanzu.

Tsarin aikin kuwa yana da muhimmanci. Kwana ɗaya kafin sauyin, ka je bayanan `MX`, masu nuna inda za a kai saƙonninka, ka rage musu `TTL`, tsawon lokacin da ake riƙe bayani, zuwa daƙiƙa 300, wato minti biyar, don kada sabobin duniya su daɗe suna riƙe da tsohon bayani. Sannan ka tabbatar wa sabon kamfanin cewa domen naka ne, ta hanyar saka ɗan layin rubutu da zai ba ka a DNS, wanda ake kira `TXT`. Ka buɗe dukkan akwatuna da laƙabai. Sai bayan nan ka canja `MX`. Wanda ya juya `MX` kafin ya buɗe akwatuna, duk saƙon da ya shigo a tsakani zai koma wa mai shi da cewa babu wannan adireshi. Ga Google Workspace layi ɗaya ya isa:

```
example.com.  MX  1  smtp.google.com.
```

Ka goge tsofaffin layukan `MX` na kamfanin da ka bari. Idan ka bar su, wasu saƙonnin na iya ratsewa can su zauna ba wanda ya gani.

Akwai wani tarko da ke kama masu shafi a kan cPanel, manhajar da ake sarrafa masaukin shafi da ita. Bayan an kwashe imel zuwa waje, sabar shafin tana ci gaba da ɗaukan kanta a matsayin gidan saƙonnin domen ɗin, don haka duk abin da fom ɗin shafi ya aika zuwa `info@example.com` sai ta ajiye shi a tsohon akwatin da ke cikinta. Maganinsa a shiga `Email Routing` a zaɓi `Remote Mail Exchanger`.

## SPF: jerin waɗanda aka yarda su aika da sunanka

SPF layi ɗaya ne na `TXT` da ke lissafa sabobin da ka amince su aika saƙo da sunan domen ɗinka. Idan saƙo ya iso, mai karɓa yana ɗaukar domen ɗin da ke `Return-Path`, ya nemo wannan layi, ya duba ko adireshin IP ɗin da ya kawo saƙon yana ciki.

```
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
```

`v=spf1` yana nuna cewa layin na SPF ne. `include:` yana cewa duk sabar da Google ya lissafa a nasa jerin, ni ma na yarda da ita. `~all` kuma yana cewa duk wanda ba ya cikin jerin a yi masa kallon tuhuma. Mai amfani da Microsoft 365 zai saka `include:spf.protection.outlook.com` a maimakon na Google.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne layi biyu. Kamfanin masaukin shafi ya riga ya saka nasa tun ranar da aka buɗe asusu, kai kuma ka zo ka ƙara na Google a ƙarƙashinsa. Ƙa'idar SPF ba ta yarda da haka ba. Mai karɓa ba ya haɗa su, ba ya zaɓar ɗaya, sai dai ya yanke hukuncin `permerror`, wato duka biyun sun tashi a banza. Idan akwai masu aikawa biyu, cikin layi ɗaya ake haɗa su:

```
v=spf1 ip4:203.0.113.25 include:_spf.google.com ~all
```

Sai iyakar goma. Yayin tantance layinka, ba a yarda mai karɓa ya yi bincike a DNS fiye da sau 10 ba. Kowane `include`, `a`, `mx` da `redirect` yana cin ɗaya, kuma idan akwai wani `include` a cikin wanda ka saka, shi ma da shi ake ƙirgawa. `ip4` da `ip6` ba sa cin komai. Ƙaramin kamfani mai `include` biyu ko uku ba kasafai yake kaiwa iyakar ba. Waɗanda ke faɗawa su ne masu ƙara layi duk lokacin da suka gwada sabuwar manhaja, ba sa cire na wadda suka daina amfani da ita. Ranar da aka haura goma, SPF na iya faɗuwa ga saƙonninka na halal, har da na Google ɗin da ba shi da laifi.

Kada ka taɓa rufe layin da `+all`. Ma'anarsa kowa a duniya ya aika da sunanka, ka amince.

## DKIM: sa hannun da ke tafiya tare da saƙo

SPF yana da wani rauni da ba ya gyaruwa. Idan abokin cinikinka ya saita akwatinsa na aiki ya riƙa tura komai zuwa wani akwatin nasa, saƙonka zai isa wurin ƙarshe ne daga sabar tsakiya, wadda ba ta cikin jerinka. SPF ya faɗi ke nan ba tare da laifin kowa ba. DKIM bai damu da hanyar da saƙo ya bi ba, shi ya sa a wajena ya fi SPF nauyi.

Yadda yake aiki shi ne ana ƙirƙirar makullai biyu masu alaƙa da juna. Na sirri yana zaune a sabar da ke aika saƙo, ba ya fita. Na fili kuma kai ne za ka wallafa shi a DNS. Duk saƙon da zai fita, sabar tana lissafa sa hannu daga jikin saƙon da wasu layukan samansa, irin su `From` da `Subject`, ta liƙa shi a layin `DKIM-Signature`. Mai karɓa yana ɗauko makullin fili ya gwada. Idan ya dace, an tabbatar da abu biyu: mai riƙe da makullin domen ɗin ne ya sa hannu, kuma ba a taɓa abin da aka sa wa hannun ba a hanya.

A cikin sa hannun akwai alamomi biyu da ya kamata ka iya karantawa. `d=` shi ne domen ɗin da ya sa hannu. `s=` kuma sunan makullin ne, domin domen ɗaya yana iya riƙe makullai da yawa, kowace manhaja da nata. Wannan ne ya sa DKIM ba shi da matsalar layi ɗaya irin ta SPF.

A Google Workspace ana shiga `Admin console`, a bi `Apps`, `Google Workspace`, `Gmail`, sannan `Authenticate email`, a danna `Generate new record`. Ka zaɓi makulli mai tsawon 2048. Za a ba ka suna da dogon layi:

```
google._domainkey  TXT  "v=DKIM1; k=rsa; p=MIIBIjANBgkq..."
```

A nan ake yawan tuntuɓe, kuma wurare uku ne. Na farko gurbin suna. Yawancin shafukan DNS suna ƙara sunan domen da kansu, don haka idan ka rubuta cikakken suna sai ya koma `google._domainkey.example.com.example.com`, inda ba wanda zai neme shi. Na biyu tsawon makullin. Guntun rubutu ɗaya a `TXT` ba ya wuce harafi 255, makullin 2048 kuwa ya kusa 400. Wasu shafukan suna raba shi da kansu, wasu sai ka raba shi gida biyu, kowane yanki cikin alamar zance, a layi ɗaya. Idan shafin ya datse ƙarshensa shiru, sa hannun ba zai taɓa dacewa ba. Na uku ya fi sauran sauƙi kuma ya fi su yawa: an saka layin a DNS, an manta a koma a danna `Start authentication`. Sai an danna shi Google ke fara sa hannu da makullinka.

Microsoft 365 yana bin wata hanya. Maimakon `TXT` yana ba ka layukan `CNAME` biyu, `selector1._domainkey` da `selector2._domainkey`, waɗanda ke nuni zuwa makullan da shi yake riƙe da su. Amfanin haka shi ne yana iya sabunta makulli ba tare da ka sake taɓa DNS ba. Can ma sai ka koma ka kunna sa hannun bayan layukan sun bayyana.

```
dig TXT google._domainkey.example.com +short
```

Idan wannan ya dawo babu komai bayan 'yan awanni, gurbin suna za ka fara dubawa.

## An ci SPF, an ci DKIM, amma har yanzu da saura

Mu koma ga kamfaninmu. An gyara Google, saƙonnin ma'aikata suna shiga lafiya, amma takardun biyan kuɗi suna nan suna faɗawa Spam. Hanyar ganowa ita ce ka sa manhajar ta aiko da takarda zuwa wani adireshin Gmail naka, ka buɗe saƙon, ka danna ɗigo uku da ke gefe, ka zaɓi `Show original`. Ka nemo layin `Authentication-Results`:

```
spf=pass smtp.mailfrom=bounce@mailer.example.net
dkim=pass header.i=@mailer.example.net
dmarc=fail header.from=example.com
```

Wanda ya ga `pass` sau biyu zai ce komai ya yi daidai. A duba sunayen da kyau. Wanda ya ci SPF shi ne domen ɗin kamfanin manhajar. Wanda ya sa hannun DKIM shi ma shi ne. Amma abin da mai karatu ke gani a `From` shi ne `example.com`, kuma babu shaida ko ɗaya da ta fito daga gare shi. A idon mai karɓa, wani ne daban ya kawo takardunsa na gaskiya yana magana da sunanka. Ɗan damfara ma abin da zai yi ke nan: ya sayi nasa domen, ya kafa masa SPF da DKIM masu kyau, ya rubuta sunanka a `From`. Gmail kan nuna alamar wannan ta hanyar rubuta `via` da sunan ɗaya domen ɗin kusa da sunan mai aikawa.

A nan mutane kan garzaya su ƙara `include` na kamfanin manhajar a layin SPF ɗinsu. Ba zai yi komai ba, domin `Return-Path` ba naka ba ne, ba ma za a buɗe layinka a duba ba. Ka ci ɗaya daga cikin goman nan a banza. Gyaran yana cikin saitin manhajar, a sashen da galibi ake kira `Domain authentication` ko `Sending domain`. Za su ba ka layukan `CNAME` ko `TXT` ka saka a DNS ɗinka, daga nan su fara sa hannu da `d=example.com`. Wasu kuma za su ƙara ba ka wani reshe irin `bounce.example.com` don adireshin bayan ambulan. Reshe yana wadatarwa, domin a saitin DMARC na asali ana ɗaukar reshe da uwar domen a matsayin gida ɗaya. DMARC kuma ɗaya kawai yake nema: ko SPF ko DKIM ya ci, da sunan da ya dace da `From`. Idan manhajar ba ta da wannan sashe kwata-kwata, gara a bar ta ta aika da nata adireshin, a saka naka a `Reply-To`.

Fom ɗin shafi kuma nasa ciwon daban ne. Da yawa an saita su ne su saka adireshin baƙon da ya cike fom a `From`, don mai shafi ya danna amsa kai tsaye. Sakamakon shi ne sabar shafinka tana aika saƙo da sunan adireshin Yahoo ko Gmail na wani, abin da ba ta da izninsa. Yahoo ya daɗe da umartar masu karɓa su ƙi irin wannan saƙo gaba ɗaya. Daidai shi ne `From` ya zama adireshinka, misali `website@example.com`, adireshin baƙon ya tafi `Reply-To`. Sannan a daina barin shafin yana aikawa da kansa ta `mail()` na PHP. A haɗa shi da sabar imel ɗinka ta SMTP a tashar 587, da izinin shiga, don saƙon ya fita ta ƙofar da SPF ya sani kuma ya samu sa hannun DKIM. Da an yi haka, ba a ma buƙatar saka adireshin IP na shafin a layin SPF.

## DMARC da saɓanin da ke kan tsanantawa

Layin DMARC yana zama a `_dmarc.example.com`, kuma da sassauci ake farawa:

```
v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com
```

`p=none` yana nufin kada a hukunta kowa tukuna, a dai aiko da rahoto. Manyan masu karɓa za su riƙa turo rahoto, galibi kullum, mai nuna kowane adireshin IP da ya aika saƙo da sunanka da sakamakon da ya samu. Rahoton yana zuwa a fayil ɗin XML mai wahalar karantawa da ido, amma akwai manhajoji da ke mayar da shi jadawali. A cikinsa ne kamfani kan gano masu aikawa da ya manta da su, kamar na'urar kwafin takardu ta ofis da ke tura abin da aka ɗauka zuwa imel, ko tsohuwar manhajar albashi. Bayan 'yan makonni, idan duk na halal suna cin jarrabawa, sai a matsa zuwa `p=quarantine`, wanda ke neman a kai na bogi Spam, daga baya `p=reject`, wanda ke neman a ƙi su tun daga ƙofa.

Masu wannan aiki sun rabu kan yadda za a rufe layin SPF. Wasu suna cewa `-all`, mai nufin a ƙi duk wanda ba ya cikin jeri, shi ne kariya ta gaskiya, `~all` kuwa rabin aiki ne. Wasu suna cewa `-all` yana jawo asarar saƙonnin halal, domin akwai sabobin da ke yanke hukunci da zarar SPF ya faɗi, tun kafin su karɓi jikin saƙon su ga sa hannun DKIM. Saƙon da aka tura ta sabar tsakiya ke nan ya mutu, alhali yana ɗauke da shaidar da za ta cece shi. Hujjar ɓangare na biyu ta fi gamsar da ni ga domen ɗin da mutane ke aika saƙo da shi kullum: a bar `~all`, a bar tsanantawar ga DMARC, wanda ke duba shaidun biyu kafin ya yanke. Domen ɗin da aka saya aka ajiye ba a aika komai da shi kuwa, wannan a rufe shi ruf da `v=spf1 -all` tare da `p=reject`.

Wanda ya yi tsalle zuwa `p=reject` ranar farko, bai karanta rahoto ba, shi da kansa ya umarci duniya ta ƙi takardun biyan kuɗinsa.

## Abin da waɗannan layuka ba za su yi maka ba

SPF da DKIM suna tabbatar da ko wane ne kai. Ba sa cewa kai mutumin kirki ne. Bayan an san ka, sai a koma duba halinka: mutum nawa ke buɗe saƙonka, nawa ke amsawa, nawa ke danna `Report spam`. Google ya ce kada ƙorafin ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu, kuma ya fi son a tsaya ƙasa da 0.1. Mai aikawa da yawa yana iya ganin nasa alƙaluman a Postmaster Tools.

Sabon domen ba shi da tarihi, don haka ana yi masa taka-tsantsan. Idan a makonsa na farko ya watsa talla ga mutum dubu biyu da ba su nema ba, musamman daga jerin adireshin da aka saya, sunansa zai ɓaci, kuma saƙon da manaja ya rubuta da hannunsa ga abokin ciniki ɗaya shi ma zai sha hukuncin. A fara da saƙonnin yau da kullum ga mutanen da za su amsa, a riƙa ƙara yawa a hankali cikin makonni. Idan kamfani zai riƙa aika talla, ya ware mata reshe irin `news.example.com` da nasa makullin DKIM, ya saka hanyar fita daga jerin da dannawa ɗaya, ya kuma cire duk adireshin da saƙo ya dawo daga gare shi da cewa babu shi. Duk ranar da aka ƙara sabuwar manhaja mai aika imel da sunan kamfanin, a turo gwaji ɗaya zuwa Gmail da ɗaya zuwa Outlook.com, a buɗe `Authentication-Results`, a tabbatar `dmarc=pass` ya fito kafin a sake ta ga abokan ciniki.